Makin Kemistiri

Jami'ar ta janye gurbin karatun da ta ba ta ne da wasiƙa mai layi huɗu, cikin Larabci. Dalili: makin Kemistiri da ke cikin fassarar da ta aika bai yi daidai da na ainihin takardar sakamakonta ba. A fassara an rubuta B3. A takarda B2 ne, wanda ya fi shi daraja. Wato dai an kama ta da laifin rage wa kanta maki.

Sunan da kowa ya san ta da shi Dakta. Yayanta ne ya laƙaba mata tun tana sakandare, ranar da ta ce ilimin haɗa magunguna za ta karanta, kuma ba don yabo ya laƙaba ba. Sunan ya bi ta har bayan kantar kemis ɗinsa, inda ta shafe shekaru tana miƙa magani. Ita ke buɗe shago, ita ke karanta rubutun likitoci, ita ta san kwalin da ya kusa lalacewa. Yaya yakan shigo da hantsi, ya zauna kan kujera mai juyawa, ya yi ta waya.

Tun rasuwar mahaifinsu takardun gidan duka suna hannunsa, cikin wata durowar ƙarfe a ɗakin ajiyar kaya na bayan shagon. Takardar gida, takardun haihuwa, har da sakamakon jarrabawarta. Makullin yana aljihunsa.

Da jami'ar ta buɗe karɓar ɗalibai daga ƙasashen waje, abin da ta nema a matakin farko kaɗan ne: hoton takardar sakamako, da fassararta zuwa Larabci mai hatimin mai fassara da aka yi wa rajista. Ainihin takardar sai an ba mutum gurbi. Dakta ta fara gwada hanyoyin da ba su bi ta kan Yaya ba. Makarantar da ta yi ta rufe, ginin ya zama wurin sayar da katifa. Shafin hukumar jarrabawa bai ɗauki shekarar da ta gama ba. A ofishin hukumar aka ce za a iya tabbatar da sakamakon a rubuce, amma sai ta haɗa da kwafin takardar gaba da baya, kuma ta yi haƙuri, abin yana ɗaukar watanni.

Sai ta bi ta kan Umma.

"Ka ba ta takardarta mana," in ji Umma, tana ninke wanki a falo. "Ba taka ba ce."

"Umma, takardar gida ba ta yawo. Wannan da ke mance wayarta a banɗaki? Hoto suka ce, hoto zan ba ta."

Ya cika alkawari. Ya ɗauko takardar, wadda mahaifinsu ya sa aka manne ta cikin leda mai ƙyalli tun tana sabuwa, ya ɗora ta kan gilashin kanta, daidai ƙarƙashin ƙwan lantarki, ya ɗauke ta hoto, ya mayar, ya kulle. Duk wannan Dakta tana sallamar wata mata mai neman maganin tari. Da ta buɗe hoton ta ga komai ya fito: sunanta, lambar jarrabawa, darussa tara a jere. A layin Kemistiri harafin B ya fito sarai. Inda lamba take, wani farin haske ne kamar ƙwayar magani.

"Yaya, haske ya rufe wuri ɗaya."

"To ni mai hoto ne? Ki yi zum."

Ofishin mai fassara yana hawa na biyu, a saman wani shagon taya. Ɗaki ɗaya ne, da tebur, da kwamfuta, da firinta, da ƙamus biyu da bayansu ya ɓare, da takardar rajistarsa cikin firam a bango. Ustaz ake ce masa. Mutum ne siriri mai tsabta, wanda ke goge gilashin idonsa kafin ya ƙi abu.

Ya tura hoton kan kwamfuta ya faɗaɗa. Ya bi darussan da bakin biro yana faɗa a hankali, kamar mai kiran suna a aji. Bayoloji, Ahya'u. Fizis, Fiziya'u. Lissafi, Riyadiyyat. Kimiyyar noma, Ulumuz Zira'a.

"Makin kuma yadda yake zan bar shi, harafi da lamba," in ji shi. "A1 ya zauna A1. A gefe in sa abin da suka sani. A1, mumtaz. B2, jayyid jiddan. B3, jayyid. Sai in yi musu bayani a ƙasa cewa a tsarinku ɗaya ce sama, tara ce faɗuwa. In ban yi ba, wani can zai ga ɗaya ya ɗauka ɗaya bisa goma kika ci, ya tausaya miki. Ina bayan takardar? A nan jadawalin makin yake."

"Gaba kawai aka ɗauka."

"Ba komai, jadawalin hukumar sananne ne. Zan sa shi a matsayin bayanin mai fassara." Biron ya tsaya a layin Kemistiri. "Kimiya'u. B me?"

"Ina jin uku ne."

"Kina ji." Ya cire gilashin ya goge. "Ni ba na fassara ji, malama. Abin da ido ya gani nake fassarawa. Nan zan buɗe baka in rubuta gairu wadih, ma'ana bai fito ba."

"In suka ga haka fa?"

"Za su ajiye fayil ɗinki a gefe. Saidala kike nema, ilimin magunguna. Kemistiri shi ne abin da za su fara dubawa. Da a ce noma ne hasken ya ci, da babu mai tambaya."

"Ustaz, ko biyu ne ko uku, duk na wuce abin da suka nema. Jayyid suka ce."

"Na sani. Ki kawo hoto mai kyau."

Ta roƙi Yaya a shago, ya ce makullin yana wani wandon. Ta roƙe shi a gida, ya ce ya gaji. Ta sa Umma ta yi magana, ya ce gobe, goben ta zo ya tafi sayo kaya. Ranar rufe karɓar takardu tana matsowa. Wata safiya tana jera kwalabe, ya shigo yana cin gyaɗa, ta ce ba tare da ta juyo ba:

"Yaya, ka bar hoton. Ka faɗa min kawai. Biyu ne ko uku?"

Ya yi dariya har ya ƙware. "Ke Dakta! Takardarki ce, ni kike tambaya?"

"Shekara nawa rabon da in riƙe ta?"

Ya shiga ɗakin ajiya. Ta ji ƙarar durowa ta buɗe, ta ji ta rufe. Ashe makullin yana wannan wandon.

"Uku," in ji shi da ya fito. "Yo da me kike tsammani? Ke da malamin Kemistiri ke kora waje?"

Ta yarda, domin abin da take tunawa ke nan. Kemistiri ne darasin da ya fi ba ta wuya. Kuma a ranta ta ce, ko da kuskure ne, gara ta ɗauki na ƙasa. Babu wanda zai ce ta ƙara wa kanta.

A layin bayan kasuwa akwai mai shagon kwafi da buga katin biki, wanda ke cire kurajen fuska daga hoton fasfo. Ta nuna masa. Bai yi tambaya ba. Ya kwafo lambar uku daga cikin lambar jarrabawarta, ya daidaita girmanta, ya dasa ta kusa da B, ya shafe farin hasken da launin takardar. Ya ɗan karkata hoton, ya yanke gefen gilashin kantar da ya fito a ciki.

"Anti, ai wannan gyara ne, ba ƙarya ba," in ji shi. "Abin da ke wurin muka mayar."

Ustaz ya dubi sabon hoton.

"An sake ɗauka?"

"Yayana ya sake."

Akwai mutum uku a benci suna jira, ɗaya da takardar aure, biyu da takardun asibiti. Bai buɗe tsohon hoton ya gwada ba. Ya buga: Kimiya'u, B3, jayyid. A ƙasa ya sa jimlar da yake sawa kullum, cewa an yi wannan fassara ne daga hoton da mai takardar ta gabatar. Ya liƙa kwafin hoton a baya, ya buga hatimi a inda takardun biyu suka haɗu, ya sa hannu. Ita ma ya sa ta sa hannu a kan kwafin da zai ajiye.

Amsa ta zo kafin ta gama fargaba. An ba ta gurbi na wucin gadi, kabul mabda'i. Za a tabbatar da shi idan ta kawo ainihin takardar da fassarar da aka yi daga ita, da hatimin ma'aikatar ilimi da na ofishin jakadanci. Umma ta yi kuka, ta kira ƙannenta ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabta suka shigo barka. Wata ta kawo akwati aro. Dakta ta fara rubuta wa wanda zai gaje ta a shago inda kowane magani yake.

Yaya ya fi kowa fara'a.

"Dakta ta zama Dakta," yake ce wa masu ciniki. "Ku sayi maganinku yanzu, nan gaba sai da layi."

Da Umma ta ce to yanzu sai ya ba da takardar, bai yi musu ba. "Ni da kaina zan kai ta, Umma. Wannan ba aikin da za a bar wa yara ba ne." Alhali Dakta ta haura shekara talatin.

Suka hau matakalar tare. Ya sa farar riga, ya fesa turare, takardar tana cikin ambulan a hammatarsa. Bai bari ta taɓa ba ko a mota. Ya gaisa da Ustaz hannu biyu, ya tambayi iyali, ya yaba tsabtar ofis, sannan ya zaro takardar ya ɗora a tebur.

Ustaz ya ɗauko kwafin fassarar ya ajiye a gefenta. Aikin minti kaɗan ne: ya gwada layi da layi, ya canza jimlar ƙasa ta koma "daga ainihin takarda", ya sake bugawa. Ya karkata ledar don kauce wa hasken taga. Biron ya sauka kan Ahya'u, ya wuce. Ya sauka kan Kimiya'u, bai wuce ba.

Daga inda take tsaye ta hango. Biyu ce. Baƙa, ƙarara, babu ko tabo.

Abin da ya fara zuwa mata murna ce, ta ɗan lokaci. Ashe ta ci B2 a Kemistiri.

"Malama," in ji Ustaz. "Zo ki karanta min wannan."

"B2."

"Wannan fa?"

"B3."

"Wanne ne naki?"

Yaya ya leƙo, ya dafe ƙirji. "A'a! Ustaz, kuskure aka yi wajen bugawa?"

"Ba na kuskure a lamba." Ya juya fassarar, ya nuna hoton da ke liƙe a baya. "Ga abin da aka kawo min. Uku ce. Ta ce kai ka sake ɗauka."

"Ni?" Yaya ya ciro waya, ya lalubo, ya miƙa. "Wannan kaɗai na taɓa ɗauka. Duba ranar. Ga hasken nan ma, har ta yi min ƙorafi."

Ustaz ya buɗe tsohon hoton a kwamfuta, ya jera shi da sabon. Yanzu da yake nema, ya gani. Inuwar hannun mai ɗauka iri ɗaya ce a duka biyun. 'Yar ƙurar da ke kan ledar tana wuri ɗaya. Ukun da ke gaban B da ukun da ke cikin lambar jarrabawa suna da 'yar tsaguwa iri ɗaya a ciki.

"Yaya, kai ka ce min uku ne."

"Na ce?"

"Ka shiga ka duba, ka fito ka ce uku."

"To a ce na ce." Ya mayar da wayar aljihu. "Idona ne, na tsufa. Ni na ce ki je a zana miki? Da kin tambaye ni ranar haihuwarki na yi kuskure, sai ki je ki gyara fasfo?"

Ta juya ga Ustaz. Ta yi magana a tsanake. Ta saba yi wa mutane bayani a shago.

"Ustaz, ka ga dai ban ƙara komai ba. Ragewa na yi. Ka buga sabuwa daga ainihin takardar, mu aika. In sun tambaya, a ce an gyara."

"Wa ya gyara? Me aka gyara?" Ya cire gilashin. "Suna da fassara mai hatimina da ta ce jayyid. Gobe su ga wata mai hatimina da ta ce jayyid jiddan. Me za su ce? Ko dai ban iya karatu ba, ko kuma ana saye na. Ɗalibai nawa ke shiga jami'ar nan da hatimin nan, kin sani?"

"Layi ɗaya ne. Ka ce hoton farko bai fito sosai ba. Gaskiya ne ai."

"Hoton da na liƙa ya fito sosai. Matsalar ke nan."

"Don Allah, Ustaz."

"Kin tsaya a nan, kin dube ni, kin ce yayanki ya sake ɗauka."

Ba ta ce masa shi ma yana da hotunan biyu tun ranar ba, kuma bai duba ba. Ta ga ya riga ya tuna, kuma tunawar ce ke ƙara masa zafi.

Yaya ya sa baki, murya ƙasa-ƙasa. "Ustaz, a yi mata sassauci. Yarinya ce mai ƙoƙari, wallahi. Son tafiyar ne ya yi mata yawa. Ni dai abin da nake tsoro, kada abin ya taɓa rajistarka. In ofishin jakadanci suka gano da kansu, ka san ba ita za su kira ba."

Ustaz ya dube shi, ya dubi firam ɗin da ke bango. Ya jawo allon rubutun kwamfuta.

A gabansu ya rubuta wasiƙar, yana karantawa da Larabci yana mayarwa da Hausa, domin, in ji shi, kada a ce ya yi a ɓoye. Cewa yana janye fassara mai lamba kaza. Cewa ya gano an sauya hoton da aka gabatar masa a layin Kemistiri. Cewa ainihin makin B2 ne. Ya haɗa hotunan biyu da hoton takardar da ya ɗauka da kansa, gaba kawai, inda layin yake. Kalmar da ya zaɓa ita ce tazwir.

"Me take nufi?" in ji Yaya.

"Jabu."

"Subhanallahi. Babu wata mai ɗan sauƙi?"

"Akwai. Ba ita ce daidai ba."

Dakta ta fita ta bar su. Ta tsaya a ƙasan matakala, kusa da tarin tayoyi, tana kallon wani mutum yana tsoma tiyub cikin ruwa yana neman inda ya huje. Yaya ya daɗe bai sauko ba. Da ya sauko hannunsa babu ambulan, ko kuma yana cikin riga, ba ta lura ba. Ya tsayar da mota, ya buɗe mata ƙofa.

A gida shi ya ba da labari, domin ita ta shige ɗaki. Ta bango take jin sa.

"Umma, ban so in faɗa ba. Takardar jabu ta kai. A gabana mutumin ya kama ta. Na roƙe shi har na gaji."

"Jabu kuma? Ba ta ci ba ne?"

"Ta ci. Shi ne abin mamakin. Hannunta ne kawai ba ya iya barin abu yadda yake. Yanzu ni tunanina shago. Mutumin da zai taɓa takardar hukuma, ranar da ke jikin kwalin magani fa?"

Umma ta shigo ɗakin daga baya. Ba ta zauna ba.

"Kin taɓa takardar ko ba ki taɓa ba?"

"Hoton na taɓa, Umma. Shi ya ce min..."

"Kin taɓa." Ta ɗauki akwatin aron da ke bayan ƙofa. "Bari in mayar wa masu shi tun ba su aiko ba."

Wasiƙar jami'a ta iso a makon. Yaya bai kore ta daga shago ba. Ya ce duk abin da ta yi jininsa ce. Sai dai ya karɓe makullin ƙofa, ya ce daga yanzu ta jira shi ya zo ya buɗe, don haka takan tsaya a bakin shago da safe tare da masu jiran magani. In ya iso yakan ce, "Dakta, an gyara mana sakamakon yau?" Wasu su yi dariya ba tare da sun san dalili ba. Waɗanda suka sani su dubi ƙasa. Wata tsohuwa da ta saba karɓar maganin hawan jini a hannunta ta fara cewa a kira mata mai shagon ya duba kwalin.

Ta rubuta wa jami'ar da Larabcinta na makarantar yamma, ta faɗi abin da ya faru yadda ya faru, ba ta ambaci Yaya ba. Wata ma'aikaciyar ofishin rajista ta amsa. Ta ce kwamiti zai iya duba ƙorafinta, tunda sauyin bai amfane ta ba, amma ba alkawari. Sharaɗi shi ne ainihin takardar ta iso da hatiman da aka nema kafin a fara zangon karatu, ko kuma hukumar jarrabawa ta aiko da tabbaci kai tsaye.

Hukumar tana nan kan bakanta: kwafi gaba da baya. Bayan takardar babu wanda ya taɓa ɗaukarsa.

Ta tambayi Yaya takardar. Ya ce ai a teburin Ustaz ya bar ta ranar, saboda ruɗewa. Ta hau matakalar ta tambayi Ustaz. Bai ce ta zauna ba. Ya ce ba ya ajiye ainihin takardar kowa, wanda ya kawo ta shi ya tafi da ita, kuma ta daina zuwa masa ofis. Ta koma ta faɗa wa Yaya. Ya ce to ɗayansu ya manta, zai duba durowa in ya samu sarari.

Jami'ar ta fitar da ranar fara karatu, farkon wata mai zuwa. Har yanzu kowannensu yana cewa takardar tana wurin ɗayan.